Martani: Ba Hannun Biraket Ne Ke Sunkuyawa Ba, Malam

Wata maƙala ta zaga hannun ɗaliban injiniya a Samaru, har wasu suka ɗauke ta tamkar takardar 'yanci. Marubucinta ƙwararre ne da ya daɗe yana aikin ƙarfe, kuma ya rubuta ta da zafin mutumin da ya gaji da ganin masu digiri sun kasa riƙe tef. Abin da ya sa a gaba shi ne tambayar nan da kowane ɗalibin ƙarfin kayan gini ya sani: ga ƙarfe mai siffar L, an kafe ƙafarsa, an rataya nauyi a bakinsa, nawa bakin zai sauka? A aji ana warware ta da hanyar Castigliano, wato a lissafa makamashin da ƙarfen ya ajiye saboda lanƙwasawa, sannan a duba yadda makamashin ke ƙaruwa idan nauyin ya ƙaru. Malam ya ce wannan ɓata alli ne.

Hujjojinsa huɗu ne, kuma zan kawo su yadda ya kawo su. Ya ce hannun da ke kwance ba komai ba ne illa sanda mai kafe a gefe guda, kuma kowa ya haddace cewa bakinta na sauka da PL³/3EI, to me ya kawo dogon lissafi? Ya ce abin da ke kashe mutane karyewa ce, ba 'yar sunkuyawa ba, saboda haka a duba ƙarfin ƙarfen kawai a wuce. Ya ce hanyar makamashi gurguwa ce, domin ba ta ba da amsa sai a daidai wurin da nauyi yake, kuma a daidai inda ya fuskanta. Daga ƙarshe ya ce masu walda na Sabon Gari suna haɗa irin wannan biraket kullum da ido, wanda kuma ke son lamba ga manhajar kwamfuta nan.

Akwai gaskiya a cikin fushinsa. Ɗalibin da ya iya alamar ∂ amma bai taɓa auna kaurin bututu ba bai gama karatu ba. Sai dai maganin da Malam ya rubuta ya fi cutar muni, kuma hujjarsa ta farko ce za ta nuna haka da kanta.

Mu ɗauki abin da duk mai wucewa ta Sabon Gari ya saba gani, wato allon shago da aka rataya a bakin ƙarfe. An dasa sanda a kankare, tsayinta h mita 3 don mutane su wuce ta ƙasa. A samanta an yi waldar hannu a kwance, tsawonsa a mita 1. A bakin hannun an rataya allo mai kilo 30, wato nauyi P kusan niyuton 300. Sanda da hannu duka bututun ƙarfe ne mai kusurwa huɗu, faɗinsa milimita 50, kaurin bangonsa milimita 2. Taurin ƙarfen gini, wanda ake rubutawa E, kusan 200,000 N/mm² ne. Siffar bututun kuma tana ba da I, wanda ake samu idan aka debe ramin ciki daga faɗin waje:

I = (50⁴ − 46⁴)/12 ≈ 147,700 mm⁴

Idan aka ninka su biyun, EI ya kama kusan 2.95 × 10¹⁰ N·mm². To, mu bi Malam. A sa P, a sa tsawon hannu milimita 1000, a raba da 3EI. Amsa ta fito milimita 3.4. Abu ƙanƙani, ko ido ba zai gani ba. A tashi aiki, a karɓi kuɗi.

Amma a jikin me aka kafe hannun nan? Wannan ƙa'ida da aka haddace tana da sharaɗi, cewa gindin sandar yana jikin abin da ba ya juyawa ko kaɗan. Gindin hannunmu kuwa yana kan bututu mai mita uku, siriri kamarsa. Allon da ke baki yana ƙoƙarin juya kusurwar da ƙarfin lanƙwasa M daidai da P sau a, wato 300,000 N·mm. Wannan ƙarfi ba ya tsayawa a kusurwa. Yana sauka cikin sandar tsaye, kuma ba ya raguwa ko kaɗan daga sama har kankare, domin nisan da ke tsakanin layin nauyin da sandar mita ɗaya ne a kowane tsayi. A hannu kuwa M na farawa daga sifili a baki, sai a kusurwa kaɗai yake kaiwa wannan adadi. Ashe gaɓar da Malam ya lissafa ita ce mai hutu, wadda ya manta kuma ita ce ke shan wahala tun daga kai har ƙafa.

A nan ne hanyar makamashi ke yin abin da haddar ƙa'ida ba ta yi. Ba ta tambayar wace gaɓa ce ta fi kama da misalin littafi. Tana cewa ne a bi ƙarfen gaba ɗaya, daga baki har ƙasa, a tara makamashin da kowane yanki ya ajiye, wanda yake M² bisa 2EI a kowane ɗan tsayi. A hannu, idan x nisa ne daga baki, M = Px. A sanda M = Pa. Idan aka tara:

U = P²a³/6EI + P²a²h/2EI

Abin da Castigliano ya tabbatar shi ne, muddin ƙarfen yana komawa yadda yake idan an sauke kaya, kuma motsinsa na tafiya daidai da nauyin, to gwargwadon yadda U ke ƙaruwa da ƙarin P shi ne nisan da wurin P ya motsa ta fuskar da P ke ja. Dalilin ba sihiri ba ne. Idan ka ƙara ɗan nauyi kaɗan, aikin da ya yi wajen sauka ba shi da wurin zuwa sai cikin ƙarfen. Saboda haka:

δ = ∂U/∂P = Pa³/3EI + Pa²h/EI

Kashi na farko shi ne na Malam, milimita 3.4, ba wanda ya ƙwace masa. Kashi na biyu shi ne na sandar tsaye, kuma idan aka sa lambobi ya kai milimita 30.5. Jimilla kusan milimita 34. Ninki goma ke nan na abin da aka ce mana ya wadatar.

Wannan goman ba sa'a ba ce ta misalina. A raba kashi na biyu da na farko, in bututun iri ɗaya ne, sai komai ya fice ya bar 3h/a. Ko da tsayin sanda da tsawon hannu ɗaya ne, sandar ce ke da kashi uku cikin huɗu na saukar. Kafin gajeriyar hanyar Malam ta zo kusa da gaskiya, sai sandar ta gajarce ƙwarai, ko kuma ta fi hannun tauri nesa ba kusa ba, misali hannun da aka ɗaure a ginshiƙin siminti. A can yana da gaskiya, amma can ba biraket mai siffar L ba ne. Abin da ke faruwa a namu shi ne sandar ta lanƙwashe, kusurwa ta juya da kusan digiri ɗaya da kashi uku cikin huɗu, hannun kuma ya bi ta ya karkata gaba ɗayansa, alhali shi kansa kusan a miƙe yake.

Wani zai ce ai ana iya samun wannan ba tare da makamashi ba: a lissafa juyawar kusurwa, a ninka da tsawon hannu, a haɗa da sunkuyawar hannun. Haka ne, kuma amsar ɗaya ce, dole ma ta zama ɗaya. Ban ce Castigliano kaɗai ne hanya ba. Amma waccan tana buƙatar ka riga ka hango a ranka cewa kusurwar na juyawa. Wanda bai hango ba zai tsallake kashin, kuma babu abin da zai ja masa riga. Idan mutumin da ya shekara da shekaru a cikin ƙarfe ya tsallake shi a rubuce, ina ga ɗan aji uku?

Hujja ta biyu ta ce a duba karyewa kawai. To mu duba. Damuwar da ke cikin bututun, wato M sau rabin faɗi a raba da I, ta kama kusan 51 N/mm². Ƙarfen gini na yau da kullum ba ya fara lanƙwasawar da ba ta komawa sai wajen 250. Ke nan ta fuskar karyewa biraket ɗin lafiya lau, da rata kusan ninki biyar. Ga shi kuma bakinsa ya sauka fiye da santimita uku. Tambayoyi biyu ne daban, kuma ƙarfe na iya cin jarrabawar farko ya faɗi ta biyu. Ga allon shago, sakamakon shi ne allo a karkace da mai shago yana tambayar ko an cuce shi. Amma siffar L ba a allo kaɗai take ba. Ita ce ke riƙe da injin a kan kekunan niƙa da na sussuka da ake ƙerawa a garejin masu walda, inda 'yan milimitoci kaɗan ke sa bel ya saki ko ya ci gefe. Ita ce ke riƙe da faranti mai kama tashoshi, wanda karkatar digiri biyu ke iya ɗauke masa hoto. Shin a gaya wa mai injin niƙa ya kwantar da hankalinsa tunda ƙarfen bai karye ba?

Babbar asarar hanyar Malam ma ba a lambar take ba, tana wajen gyara. Mai shago ya dawo ya ce allonsa ya sunkuya. Wanda ya yarda cewa hannu ne ke sunkuyawa zai ƙarfafa hannu. A ce ya cire shi ya sa bututu mai faɗin milimita 75 da kaurin 3, wanda I ɗinsa ya ninka na farko sau biyar. Milimita 3.4 ta koma ƙasa da ɗaya, jimilla ta sauko daga 34 zuwa 31. An sayi ƙarfe, an ƙona waya, an biya man janareta, an samu milimita uku, kuma wannan ma kafin a lissafa cewa sabon hannun ya fi nauyi. An bar jaki ana dukan taiki. Da wannan bututun aka sa a sandar tsaye aka bar hannun yadda yake, kashin sanda zai sauko daga 30.5 zuwa 6, jimilla ta koma ƙasa da milimita 10.

Haka nan tokarar da ake sawa a kusurwa, wadda ita ce abin da hannun mai walda ke fara kaiwa gare shi. Tana da amfani, tana rage wa waldar kusurwa wahala, kuma ba na hana ta. Amma a ce ta sauko rabin mita a jikin sandar, a kuma ɗauka cewa duk abin da ke samanta ya zama dutse. Sauran mita biyu da rabi na ƙasa na nan ɗauke da Pa cif, kuma su kaɗai za su ba da milimita 25. Ba sai an yi gardama ba, U ɗin da muka rubuta ya riga ya nuna cewa kashi tara cikin goma na makamashin a sanda yake. Inda makamashi ya taru, can ake kai kuɗi.

Hujja ta uku ce ta fi ba ni mamaki, domin amsarta tana shafi na gaba a duk littafin da ya koyar da hanyar. Gaskiya ne ∂U/∂P na ba da motsi ta fuskar P kawai. Idan kana son motsi ta wata fuska, sai ka ƙirƙiri nauyi a can, ka yi lissafi da shi, ka mayar da shi sifili a ƙarshe. A ce muna son sanin nawa bakin ya matsa gaba, wajen titi. Mu sa ƙarfi na ƙarya Q a baki, yana ja a kwance. Ba ya lanƙwasa hannu, tunda a tsawonsa yake ja. A sanda kuwa, a nisan y ƙasa da kusurwa, M ya zama Pa + Qy, saboda haka ∂M/∂Q = y. Yanzu Q ya gama aikinsa, a sallame shi, a tara Pa sau y bisa EI daga kusurwa har ƙasa:

δ = Pah²/2EI

Da lambobinmu wannan ya kai kusan milimita 46. A lura da kyau. Nauyin ƙasa yake ja, ba iska, ba wanda ya tura, amma bakin ya matsa gaba fiye da yadda ya sauka. Ƙa'idar da Malam ya ce ta wadatar ba ta ma san akwai wannan motsi ba, balle ta auna shi. Wace ce gurguwar ke nan?

Sai masu walda, kuma a nan ina so in yi taka-tsantsan, domin ba da su nake jayayya ba. Tsohon mai walda da ya haɗa irin wannan sau ba adadi yakan zaɓi bututu mai kauri don sandar tsaye ba tare da an gaya masa ba, wani ma yakan ɗan ɗaga bakin hannun sama kafin ya kama walda, don idan kaya ya hau ya dawo daidai. Wannan shi ne Pa²h/EI, sai dai a hannunsa yake ba a takarda ba. Abin dariyar shi ne shaidar da Malam ya kira ta fi goyon bayan Castigliano fiye da shi. Amma ido yana aiki ne a kan girman da ya saba. Ka tsawaita hannun daga mita ɗaya zuwa ɗaya da rabi, ido zai ce ƙarin rabi ne, lissafi kuma zai ce kashin sanda ya ninka sau biyu da kwata, na hannu ya haura ninki uku. Ka sayo bututun da aka ce maka milimita 2 ne, ka auna ka tarar ɗaya da rabi, 34 ta zama 44. A irin wannan wuri ne ake buƙatar injiniya kusa da mai walda, kuma in ya zo da ƙa'idar hannu kaɗai, gara ma da bai zo ba.

Manhaja kuwa za ta ba da 34 in an gaya mata gaskiya. In aka kafe mata kusurwa a kan allon kwamfuta, kamar yadda maƙalar ta kafe ta a zuci, za ta ba da 3.4 da launuka masu kyau. Wa zai gane? Sai wanda ya yi layi huɗun nan a bayan ambulan.

An kuma nuna kamar hanyar ta masu zaman aji ce. Alberto Castigliano, wanda aka haifa a Asti ta Italiya a 1847, ya gabatar da ita a kundin kammala karatunsa a Turin a 1873, ya faɗaɗa ta a littafinsa na 1879, ya rasu a 1884 bai kai shekara arba'in ba. Aikinsa na cin abinci injiniya ne a kamfanin jirgin ƙasa na arewacin Italiya. Sabon Garin da Malam ke kafa hujja da shi kuwa jirgin ƙasa ne ya raya shi, tun da layin Baro zuwa Kano, wanda ya isa Kano a 1911, ya ratsa ta Zariya. Hanyar ta girmi Jami'ar Ahmadu Bello, da aka buɗe a 1962, da kusan shekara casa'in, kuma mutumin dogo ne ya kawo ta.

Inda da Malam ya kai hari da ya same ni a gefensa shi ne sharuɗɗan hanyar, domin tana da su kuma ana yawan binne su. Ta ɗauka ƙarfen bai wuce iyakar komawarsa ba. Ta ɗauka motsin ƙarami ne idan aka gwada da girman abin. A misalinmu matsawar milimita 46 ta ƙara wa nisan mita ɗaya kusan kashi biyar cikin ɗari a gindi, abin da za a iya haƙuri da shi, amma a sanda mafi tsawo ko kaya mafi nauyi ba za a iya ba. Mun yi watsi da matsewar sandar a tsawonta, kuma da hujja, tunda Ph/AE bai wuce kashi ɗaya cikin ɗari na milimita da ɗan ɗoriya ba. Mafi girma duka, ta ɗauka ƙafar a kafe take da gaske. Idan kankaren ƙarami ne, ƙasa kuma ta jiƙa a watan Agusta, gindin ya juya digiri ɗaya tak, bakin zai ƙara sauka milimita 17 ya matsa gaba 52, kuma babu ko ɗaya daga ciki a U ɗin da muka rubuta.

To ko a nan ma, lissafin ne ke ba ka abin da za ka kama ɓarawo da shi. A rataya igiya mai ɗan nauyi a bakin hannun, irin ta magina, a yi alama a ƙasa inda ta nuna, a auna tsayin bakin da tef. A ɗora kilo 15 a auna, a ƙara ya zama 30 a sake aunawa, a sauke duka. Idan motsi na biyu ninkin na farko ne, kuma bakin ya koma alamarsa, sharuɗɗan sun cika. Idan bai koma ba, wani abu ya saki. Sai a gwada matsawar gaba da saukar ƙasa. Lissafi ya ce 46 da 34, wato gaba ta ɗara ƙasa da kusan kashi ɗaya cikin uku. In rarar da aka samu a kan lissafi ta fi yawa ta gaba, kusan uku bisa ɗaya kamar tsayin sanda da tsawon hannu, to gindi ne ke juyawa, a tono a ƙara kankare. In saukar ce ta ƙaru alhali matsawar gaba tana nan yadda aka lissafa, waldar kusurwa ce ke buɗewa, a sauke allon kafin a yi komai. In duka biyun sun ƙaru da gwargwado ɗaya kuma bakin na komawa, a auna kaurin bututun, ba shi aka biya kuɗinsa ba.

Matsayina dai bai canja ba: a ci gaba da koyar da hanyar makamashi a Samaru, a koyar da ita a kan wannan biraket ɗin musamman, a kuma tura ɗalibai su auna shi da hannunsu kamar yadda Malam ke so. Shi kuwa, daga Samaru zuwa Sabon Gari tafiyar mota ɗaya ce. Bututu mita huɗu, jarka mai lita 25 cike da ruwa da 'yan duwatsu su cika kilo 30, tef da igiya. Ya rubuta 3.4 a takarda, ni na rubuta 34, mai waldar da ya zaɓa da kansa ya karanta mana tef.